Naira Shida A Kowane Bulo: Kuɗin Injin Gobe



Duk wanda ya bi hanyar Madalla da sassafe, ko ya leƙa Kwamba da Maje da Gauraka, zai ji ƙarar injin buga bulo tun kafin rana ta ɗaga. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, garinmu ya ba da sunansa na Abuja ya koma Suleja, jama'ar da haya ta fi ƙarfinsu a birni suke kwararowa nan, su kwana a Suleja, su yi sammako zuwa aiki ta Zuba. Inda mutane suka taru kuwa sai an yi gini, gini kuma sai da bulo.

To, yau da mai gidan bulo nake magana, amma mai injin niƙa da mai gidan ruwan leda da mai gidan burodi su ma su matso kusa da rediyo, domin lissafin ɗaya ne. Tambayata ita ce: ranar da wannan injin zai gaji ya ƙi tashi, da wane kuɗi za ka sayi wani? Na san amsar da akasari ake bayarwa, wato Allah zai kawo. Haƙiƙa Allah ne mai kawowa, amma sau da yawa ya riga ya kawo, a cikin cinikin kullum, mu ne muka kira shi riba muka cinye. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da nake so mu fahimta shi ne, inji yana ƙarewa da kaɗan-kaɗan. Duk bulon da ya fito, ya tafi da ɗan wani abu daga ran injin, kamar yadda ya tafi da siminti da yashi da man gas. Bambancin kawai shi ne mai siminti yana karɓar kuɗinsa yau, shi kuwa inji sai ya yi shiru shekara biyar, sannan ya nemi nasa gaba ɗaya a rana guda. Maganin wannan shi ne asusu na musamman, wanda za ka riƙa zuba wani adadi tsayayye a ciki kowace shekara, yana haihuwa, har ya cika daidai lokacin da za a canza injin. Mu kira shi asusun canjin inji. Aikinmu yau shi ne mu gano nawa ne wannan adadi.

Abubuwa huɗu kake buƙatar sani kafin ka taɓa kalkuleta. Shekara nawa suka rage wa injin. Nawa sabo zai kai a wannan lokaci. Nawa za a sayi tsohon idan ka tashi rabuwa da shi. Sannan kashi nawa kuɗinka zai riƙa haifarwa a inda ka ajiye shi.

Bari mu ɗauki misali, kuma alƙaluman da zan kawo na misali ne, kowa ya sa nasa a gurbinsu. A ce kana da injin buga bulo mai jijjiga, da injin gas da ke juya shi. Bakanikenka ya duba, ya ce in ana kula da shi zai ƙara shekara 5 kafin gyara ya fi ƙarfin amfaninsa. Ka je wurin masu ƙera shi, ko nan gida ko Panteka a Kaduna, sun ce irinsa yau naira miliyan 3 ne, har da ɗauko shi da kafa shi. Kuskuren farko da ake yi shi ne a ɗauki wannan miliyan 3 a ce ita za a tara. Ai ba yau za ka saya ba. Idan farashin ƙarfe da inji yana hawa da kashi 15 cikin 100 duk shekara, to a shekara 5 ya ninka. Saboda haka kuɗin da ke jiranka naira miliyan 6 ne. Tsohon injin kuma ba zai tafi a banza ba. Ko wani mai ƙaramin ƙarfi ya saya ya lallaɓa, ko 'yan gwangwan su auna shi. Mu ce zai kawo naira 500,000. Ka cire wannan daga miliyan 6, abin da asusunka zai cika ya zama naira miliyan 5 da rabi.

Idan a akwati za ka ajiye kuɗin, ba ya haihuwa, lissafin mai sauƙi ne. Ka raba miliyan 5 da rabi gida 5, kowace shekara naira miliyan 1 da dubu 100. Amma idan ka sa shi inda zai riƙa kawo riba, nauyin zai ragu, domin ribar za ta ɗauki wani ɓangare na kayan. Mu ce bayan an cire haraji da cajin banki, kuɗinka yana haifar da kashi 10 cikin 100 a shekara, kuma ba ka taɓa ribar, kana barin ta a ciki ita ma ta haihu.

Ku saurara da kyau a nan, domin nan ne zuciyar maganar. Mu bi naira ɗaya tak. A ce ƙarshen kowace shekara kana zuba naira 1. Ta shekarar farko za ta zauna shekara 4 tana haihuwa, ta zama naira 1 da kwabo 46. Ta shekara ta biyu za ta yi shekara 3, ta zama naira 1 da kwabo 33. Ta uku ta zama naira 1 da kwabo 21, ta huɗu naira 1 da kwabo 10. Ta ƙarshe kuwa ranar da ka zuba ta ranar za ka kwashe, ba ta samu damar haihuwa ba, tana nan naira 1. Idan ka haɗa su duka, naira 5 ɗin da ka zuba sun zama naira 6 da kwabo 10. Ga mai son cikakken adadi, 6.1051 ne.

Yanzu tambaya ta zama mai sauƙi. Idan zubin naira 1 a shekara yana kai ka naira 6 da kwabo 10, zubin nawa zai kai ka miliyan 5 da rabi? Sai ka raba 5,500,000 da 6.1051. Amsar ita ce kusan naira 901,000 a kowace shekara. Ka ga ke nan an sauke maka kusan naira 200,000 daga abin da mai akwati zai riƙa ajiyewa duk shekara.

Kada ku yarda da ni haka kawai, mu gwada. Ƙarshen shekarar farko asusu yana da 901,000. A ta biyu ya haifi kashi 10, ka ƙara zubinka, ya zama 1,892,100. A ta uku ya kai kusan miliyan 2 da dubu 982. A ta huɗu miliyan 4 da dubu 181. A ƙarshen ta biyar ya haura miliyan 5 da rabi da 'yan ɗaruruwa. Abin da ya fito daga aljihunka gaba ɗaya naira 4,505,000 ne, sauran kusan miliyan 1 kuɗin ne ya haifa da kansa. Ka rubuta waɗannan alƙaluma biyar a bangon littafinka, domin su ne ma'auninka. Duk ƙarshen shekara ka duba abin da ke asusu ka gwama da abin da ya kamata ya kasance. Idan shekara ta uku ta ƙare ba ka doshi miliyan 3 ba, to ka san akwai gyara tun da sauran lokaci.

Na san wani yana jina yana cewa, malam, ina zan ga naira 901,000 a dunƙule? Gaskiyarka. Ba a dunƙule za ka same ta ba, shi ya sa za mu farfasa ta. Idan ka cire ranakun hutu da salla da ranakun da ruwan sama ya hana aiki, mu ce kana aiki kwana 300 a shekara. Ka raba, zai ba ka kusan naira 3,000 a rana. Idan kuma kana buga bulo 500 a rana, wato 150,000 a shekara, to abin ya tsaya a naira 6 kan kowane bulo. Naira 6 kacal. Wannan ita ce maganar da nake so ku riƙe ko da kun manta sauran. A cikin kuɗin kowane bulo da ya hau mota, akwai naira 6 da ba taka ba ce, ba ta leburori ba ce, ba ta mai siminti ba ce. Ta injin gobe ce. Idan ka yanka farashin bulonka ba ka sa ta a ciki ba, to kana sayar da injinka ne guntu-guntu ba ka sani ba.

Akwai kuma amfani a zuba kuɗin da wuri. Lissafin da muka yi na wanda ke jira sai ƙarshen shekara ne. Wanda zai iya zubawa a farkon kowace shekara, kuɗinsa ya samu ƙarin shekara guda ta haihuwa, zubinsa ya sauko zuwa kusan naira 819,000. Wanda ke kai nasa duk mako ko duk wata yana tsakanin waɗannan biyu. Ni shawarata ita ce ka riƙa kaiwa mako-mako, ba don ribar kawai ba, sai don kuɗin da ya daɗe a aljihu ba ya rasa mai nema.

To, ina abin yake lalacewa? Wuri uku na fi gani.

Na farko shi ne jinkiri. Inji yana sabo, yana aiki lafiya, sai mutum ya ce bari in ɗan numfasa tukuna, na fara baɗi. A misalinmu, idan ka bar shekara 2 suka wuce ba ka zuba komai ba, saura shekara 3. A shekara 3 zubin naira 1 naira 3 da kwabo 31 kawai yake zama. Ka raba miliyan 5 da rabi da wannan, zubinka ya tashi zuwa kusan naira miliyan 1 da dubu 662 a shekara, wato naira 11 a kowane bulo maimakon 6. Kuma ka lura, a daidai lokacin ne injin ya fara tsufa, yau boris, gobe bel, jibi mai walda. Shekarun da inji yake sabo su ne shekarun da ya fi sauƙin tara kuɗin magajinsa, kuma su ne aka fi yin sakaci da su.

Na biyu shi ne farashin da muka ɗauka mun sani. A littattafan lissafi ana cewa a ɗauka an san kuɗin injin na gaba. A ƙasarmu kuwa, duk wanda ya yi kasuwanci daga 2023 ya san wannan sani na ɗan lokaci ne. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala da ke ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a cikin 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ya kai kashi 34.80 cikin 100 a Disambar 2024. Injin gas da ƙarfe da kayan gyara kuwa akasarinsu dala suke bi. Shin wannan ya rushe lissafin? A'a. Abin da ya nuna shi ne ba a yin lissafin sau ɗaya a rufe littafi.

Ga yadda ake gyara shi. A ce ka yi shekara 2 kana zubi yadda ya kamata, asusu yana da 1,892,100. Ka koma wurin masu ƙera inji, ka ga yadda farashi ke tafiya, ka gane cewa abin da ke jiranka miliyan 7 ne, ba 6 ba. Ka cire 500,000 na tsohon, saura miliyan 6 da rabi. Kuɗin da ke asusu, ko ba ka ƙara ko sisi ba, zai haihu shekara 3 ya zama kusan miliyan 2 da dubu 518. Abin da ya rage a cike shi ne kusan miliyan 3 da dubu 982. Ka raba da 3.31, sabon zubinka ya zama kusan naira miliyan 1 da dubu 203 a shekara, wato naira 8 a kowane bulo. Ƙarin naira 2 ke nan, abin da kasuwa za ta iya ɗauka. Amma wanda bai waiwayi farashi ba sai ranar saye, giɓin naira miliyan 1 zai tarar, inji a kwance, leburori sun watse, kwastomomi sun koma maƙwabta. Don haka ka sa wa kanka rana guda a shekara, ka je ka ji farashi da kunnenka, in da hali a rubuta maka a takarda.

Kuma idan ka ga farashin inji yana gudu fiye da yadda kuɗinka ke haihuwa, akwai dabara. Da zarar asusu ya kai kuɗin wani babban ɓangare, kamar injin gas ɗin, kana iya sayen sa ka ajiye, ka tsare kanka daga tashin farashinsa. Sai dai wannan ma da haɗarinsa: tsatsa, ɓarayi, da kuma garantin da zai ƙare alhali kayan na ɗaki ba a taɓa tayar da shi ba. Sai ka auna.

Na uku shi ne inda aka ajiye kuɗin. Kashi 10 ɗin da muka yi aiki da shi ba alkawari ba ne. Idan abin da ka samu a zahiri kashi 6 ne, zubin 901,000 zai tsaya a kusan miliyan 5 da dubu 79, ka rasa sama da naira 400,000. Shi ya sa ya fi kyau ka yi lissafi da ƙaramin kashi, in an samu ƙari ya zama alheri.

Na san da yawa daga cikinmu ba ma hulɗa da kuɗin ruwa, kuma lissafin nan bai tilasta wa kowa ba. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, suna da asusun da ake juya kuɗi a raba riba. Akwai kuma sukuk na gwamnatin tarayya da aka fara fitarwa a 2017. Sai dai ka sani, a asusun raba riba ba a yanke maka adadi tun farko, yana iya hawa yana iya sauka. Shi kuma sukuk yana da wa'adinsa, ka tabbata ranar da zai dawo maka da uwar kuɗi ba ta wuce ranar da kake buƙatar inji ba. Wanda kuma ya zaɓi ya ajiye ba tare da wata riba ba, lissafinsa shi ne na farko, miliyan 1 da dubu 100, kusan naira 7 da kwabo 30 a bulo. Haka nan kada a manta da zakka. Idan wannan ajiya tare da sauran dukiyarka ta kai nisabi, shekara ta zagayo, akwai ɗaya bisa arba'in da za a fitar. Ka tambayi malaminka, sannan ka sa shi a lissafi tun farko.

Ko a banki ma a yi hattara. A watan Yunin 2024 Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage. Hukumar inshorar ajiya ta ƙasa tana lamunce wa kowane mai ajiya har naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankuna na maikurofainas. Asusun misalinmu zai wuce miliyan 2 tun a shekara ta uku, ka ga ke nan ba daidai ba ne a jibge shi duka a ƙaramin banki guda. Masu cewa kawo kuɗinka mu ninka maka a wata ɗaya kuwa, mun ga ƙarshen MMM a 2016, mun ga na CBEX a 2025. Kuɗin inji ba na gwaji ba ne.

Wani zai ce, ai ina adashi. Adashi yana da amfaninsa, amma kwasarsa tana zuwa ne lokacin da layi ya zo kanka, ba lokacin da inji ya gaji ba. In kana so, ka mai da shi hanyar tara zubin shekara: ranar da ka kwasa, ka wuce da kuɗin kai tsaye zuwa asusun inji. Wani kuma zai ce gara in juya kuɗin a siminti, ya fi kashi 10 riba. Mai yiwuwa ne ya fi. Amma kuɗin da ya shiga siminti ya zama bulo, bulo ya tafi bashi wurin ɗan kwangila, ranar da inji ya tsaya ba za ka iya kai littafin bashi Panteka ba.

Abu na ƙarshe, ka raba wannan asusu da kuɗin gyara. Canjin man inji, bel, boris, katakon ɗaukar bulo, duk waɗannan kuɗin aiki ne na yau da kullum, su fito daga ciniki. Ranar da ka fara taɓa asusun canji don sayen bel, gobe za ka taɓa shi don suna, jibi don biki. Ka buɗe masa asusu dabam, wanda ba shi da katin cire kuɗi, ba ya kuma cikin wayarka. Kuma ga alamar da za ta gaya maka cewa wa'adin da bakanike ya ɗiba ya matso: idan kuɗin gyara na shekara, tare da asarar ranakun da inji ya kwanta, ya doshi zubinka na shekara, ko bulo ya fara fita da karyayyen baki saboda abin zubin ya cinye, to shekara 5 ɗin nan sun zama 4. Sai ka sake lissafi da ragowar shekarun gaskiya.

Masu sauraro, ga aikin da zan bar ku da shi. Gobe in Allah ya kai mu, ka tambayi bakanikenka shekara nawa suka rage wa injinka. A cikin makon nan ka ji farashin sabo. Ka yi rabon nan da muka yi, ka fitar da naka adadin a kan kowane bulo, ko kowane mudu da ka niƙa, ko kowace jakar ruwa. Wataƙila naka ba 6 ba ce, 4 ce ko 9. Ko nawa ce, daga ranar ka cire ta kafin ka ƙirga riba, kamar yadda kake cire kuɗin siminti.

Nan za mu dakata a sharhinmu na yau. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya raba mu da asara. Sai wani makon idan mai duka ya kai mu, a huta lafiya.